Daga Ƙullin Leda Zuwa Kanti: Yadda Mazubi Ke Ɗaga Darajar Dambun Nama

"Hajiya, na yaushe ne?" Wannan ce tambayar da mai sayar da dambun nama ta fi sha daga bakin sabon mai saye, kafin ma ya tambayi kuɗi. Yana tambaya ne saboda ƙullin ledar da aka miƙo masa bai gaya masa komai ba. Bai san ranar da aka soya ba, bai san yawan abin da ke ciki ba, bai san ko naman sa ne ko na rago ba, kuma idan ya kai gida ya ji daɗinsa bai san inda zai sake samun mai shi ba. Mutumin nan kuwa shi ne zai shiga babban kanti a Kano ko Kaduna ko Abuja, ya ɗauki dambu a cikin leda mai tsayuwa da sitika a gabanta, ya biya kuɗin da ya fi haka ba tare da ya yi tayi ba. Sau da yawa na gidan ya fi na kantin daɗi. Abin da ya fi shi da shi kawai, na kantin ya amsa tambayoyin tun kafin a yi su.

Matan Hausawa ba baƙi ba ne a wajen gyara kaya domin ido. Duk wanda ya ga yadda ake jera alkaki da dubulan da nakiya a kayan gara, a kawo su cikin sababbin kwanuka an rufe da kyau, ya san ba a yau aka fara gane cewa kallo yana gaban ɗanɗano ba. Inda ake yin sakaci shi ne a kayan sayarwa na yau da kullum. A nan ne mace za ta wuni tana daka nama tana soyawa, sannan ta kammala aikin da ledar da ta fi kowacce arha a shagon unguwa.

Dambun nama ya dace a yi misali da shi, domin ya haɗa matsaloli uku a wuri ɗaya: yana da maiƙo, yana tsoron danshi, kuma yana da tsada ta yadda ɗan ƙarin da ya wuce awo asara ce ta gaske. Wadda ta iya shirya shi ba za ta sha wahala da yaji ko ƙuli-ƙuli ko cincin ba.

Mazubin da ya dace da kayan

Farar ledar da ake ƙulla tuwo ko alala da ita siririya ce, iska da ƙamshi suna ratsa ta a hankali ko da an ƙulle bakin tamau. Shi ya sa dambun da ya kwana biyu a cikinta ƙamshinsa ke raguwa, ledar kuma ta yi santsi a hannu. Takardar jarida ta fi muni, domin mai yana narka tawada ya ja ta zuwa cikin abinci. Takardar buhun siminti da wasu ke naɗe kilishi ko tsire da ita ma ba don abinci aka yi ta ba.

Abubuwa biyu ne suka fi dacewa da dambu, kuma duka ana samun su a wajen masu sayar da ledoji da robobi a manyan kasuwanni irin ta Sabon Gari a Kano. Na farko shi ne leda mai tsayuwa da gindinta, mai zif a baki. Irin wannan leda ba falle ɗaya ba ce, fallaye biyu ko uku ne aka manna, shi ya sa take da kauri kuma ta fi tare iska. Akwai mai haske gaba da baya, akwai mai ruwan azurfa a baya, akwai kuma mai fuskar takarda ruwan ƙasa da ƙaramar taga a gaba. Na biyu shi ne roba mai haske mai murfin murɗawa.

Kowanne yana da inda ya fi. Roba ta fi kyau a kan tebur, ba ta bari a danne kayan, kuma matar gida tana son ta domin za ta yi wani amfani da ita bayan dambun ya ƙare. Amma ta fi tsada, tana cin wuri a kwali, kuma idan za a ba direba saƙo zuwa wani gari tana iya tsagewa. Leda mai tsayuwa ta fi arha kuma ta fi jure tafiya. Cikin ledojin kuma, mai ƙaramar taga ta fi mai haske gaba ɗaya, saboda hasken rana yana saurin lalata mai. Dambun da ya yi kwanaki a bakin tagar shago a cikin mazubi mai haske zai fara warin tsohon mai, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro, alhali ɗan'uwansa da aka soya rana ɗaya aka ajiye a inuwa yana nan lafiya. Taga tana bai wa mai saye damar ganin launi da laushin naman, sauran jikin ledar kuma ya tare haske.

Girman mazubi ma abin lura ne. Dambu ba shi da nauyi amma yana da cika ido, don haka lambar da aka rubuta a jikin ƙunshin ledoji ba lallai ta yi daidai da shi ba. Abin da ya fi shi ne a sayi guda biyu ko uku masu girma daban-daban, a auna dambu a zuba a gani, kafin a sayi ɗari. Mazubin da ya cika har kusa da baki yana nuna yalwa. Wanda ya tsaya a rabi kuwa, ko da nauyin daidai ne, mai saye zai ji kamar an rage masa.

Liƙi, inda aiki ya fi lalacewa

Zif kaɗai bai isa ba. An yi shi ne domin mai saye ya riƙa buɗewa yana rufewa a gida. Abin da ke tabbatar masa babu hannun da ya shiga kayan tun daga kicin shi ne liƙin da ke saman zif ɗin, wanda sai an yage ko an sa almakashi.

Wasu suna liƙewa da kyandir, su naɗe bakin leda a jikin wuƙa ko ƙarfe su gifta a harshen wuta. Yana kamawa a siririyar leda, amma yana barin baƙin hayaƙi da layi a karkace, kuma a leda mai kauri ba ya yin aiki yadda ya kamata. Ƙaramin injin liƙe leda na tebur, wanda ake dannawa da hannu, shi ya fi. Ba ya cin wuta sai a daƙiƙun da aka danna shi, kuma yana da maɓallin juyawa da ke ƙayyade tsawon lokacin da zai yi zafi. Siririyar leda tana son ƙaramar lamba, mai kauri tana son babba. Idan lambar ta yi ƙasa, bakin zai buɗe da an ja shi. Idan ta yi yawa, ledar za ta ƙone ta yanke. Kuskuren da masu fara aiki da shi suka fi yi shi ne ɗaga hannu da zarar 'yar fitilar ta mutu. Ana so a ci gaba da dannewa na daƙiƙa biyu ko uku domin wurin ya huce a matse.

Babban abokin gabar liƙi shi ne maiƙo. Ɗan silin nama ɗaya ko ɗigon mai a bakin leda ya isa ya bar ƙofar da ido ba ya gani. Maganinsa shi ne a zuba dambun ta mazurari mai faɗin baki, ko a yanke gindin sabon kofin roba a yi amfani da shi, yadda naman zai wuce ciki bai taɓa gefe ba. Idan ya taɓa, a goge da busasshen tsumma mai tsabta. Akwai gwaji mai sauƙi: a liƙe leda ɗaya da ɗan iska a ciki, a nutsa ta cikin bokitin ruwa a matsa. Idan kumfa ya fito daga baki, liƙin bai kama ba.

Kafin duk wannan, dole dambun ya tsane kuma ya huce sarai. A tsame shi a kwando mai ƙananan huji man ya ɗiga, sannan a baza shi a faranti mai faɗi a rufe da abin da iska ke ratsawa. Idan aka rufe shi da ɗuminsa, tururi zai taru ya zama gumi a jikin ledar ta ciki, wannan gumin kuma shi ke kawo fumfuna. Duk wadda ta ga ɗigo-ɗigon ruwa a taga bayan awa ɗaya da liƙewa, ta buɗe ta mayar da kayan kan wuta. Mazubi mai kyau ba ya gyara dambun da bai soyu ya bushe ba. Sai ma ya riƙe danshin a ciki ya gaggauta lalacewarsa.

Abin da sitika za ta faɗa

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, tana da abubuwan da take buƙatar a gani a jikin abincin da aka rufe domin sayarwa. Daga ciki akwai sunan kayan, jerin abubuwan da aka haɗa, nauyin abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, lambar da ke nuna zubin da aka yi shi, ranar yi da ranar da ya kamata a cinye kafin ta, da yadda za a ajiye. Ko mai ƙaramar sana'a ba ta kai ga yin rajista ba tukuna, wannan jerin shi ne amsar tambayoyin da mai saye ke yi, don haka ya dace ta fara bin sa tun yanzu.

Sitika ɗaya mai girman tafin hannu ta isa. Takardar sitika mai girman A4 tana fitar da guda 8 masu kimanin santimita 10 da 7. Suna ya zama babba a sama, sai irin naman, na sa ne ko na rago ko na kaza, sai nauyi da lambar waya. Launi ɗaya ko biyu a kan farin fili ya fi fita da kyau, kuma ya fi arha, fiye da sitikar da aka cika da furanni da hotunan da aka kwaso daga waya. A rubuta irin man da aka yi suya da shi. Idan man gyaɗa ne ko akwai ƙuli a yajin, a faɗa, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Kada a buga rana a cikin zanen, domin hakan zai sa a sake bugawa duk suya. A bar gurbi, a riƙa cikewa da ƙaramin hatimin kwanan wata ko biro mai kama leda. A kuma tambayi mai bugawa irin tawadarsa: wadda ake fesawa a ƙananan firintocin gida tana zuba idan ruwa ya taɓa ta, takarda mara sheƙi kuma tana shan maiƙo ta yi tabo. Sitika mai sheƙi ko wadda aka rufe da siririyar leda ta fi jurewa. A manna ta tun ledar tana shimfiɗe, kafin a zuba kaya. Domin kowace ta zauna a wuri ɗaya, a yanke ɗan kwali a yi ma'auni da shi. Leda ashirin da sitikarsu ke kan layi ɗaya sun fi kama da aikin kamfani fiye da kowane irin ado.

Ranar ƙarewa ba a ƙirƙirar ta. Hanyar da mai sana'a za ta fara sanin iyakar kayanta ita ce ta ware ƙananan ledoji kaɗan daga suya ɗaya, ta ajiye su a irin ɗakin da mai saye zai ajiye, ta riƙa buɗe ɗaya duk mako tana duba launi da ƙamshi. Ranar da za ta rubuta ta kasance ƙasa sosai da lokacin da ta fara ganin sauyi. Ta maimaita gwajin da damina, domin abin da ya jure a lokacin hunturu ba lallai ya jure a watan Agusta ba. Tabbaci na ƙarshe kuwa sai a ɗakin gwaje-gwaje, wanda yana cikin matakan rajista.

Abubuwa biyu ba a sa su a sitika: lambar rajistar da ba a mallaka ba, da iƙirarin cewa kayan yana maganin wata cuta. Dukansu suna iya jawo a kwashe kaya, kuma manyan kantuna kan nemi lambar hukumar ta gaskiya kafin su karɓi abinci.

Lissafin suya ɗaya

Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari da wata zuwa wata, don haka alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ɗauka wata mai dambu ta sayi tsokar naman sa kilo 5 a kan ₦35,000, ta kashe ₦7,000 a mai da albasa da kayan ƙamshi da gas. Jimla ₦42,000. Bayan dahuwa da daka da suya, a ce ta samu kilo 2 na dambu. Kowane giram 100 ya tsaya mata a ₦2,100 ke nan.

Da farko tana ƙullawa a farar leda da kimantawar ido, tana sayar da ƙulli ₦2,500. Nufinta kowane ƙulli ya zama giram 100, amma hannu yakan ɗan zarce, ga kuma gyara ga wanda aka saba da shi. Idan kowane ƙulli ya wuce da giram 10 kacal, 18 za ta samu maimakon 20. Cinikinta ₦45,000, ribarta ₦3,000, ba a ma cire ladan wahalarta ba.

Da ta sayi ƙaramin sikeli mai lamba, ba ta sauya komai ba sai awo, ƙulli 20 suka fita. Ciniki ya zama ₦50,000, riba ₦8,000. Sikelin kaɗai ya kusan ninka ribar sau uku.

Sai ta koma leda mai tsayuwa. A ce ledar ₦100 ce, sitika ₦50, a ƙara ₦30 na wuta da waɗanda za su lalace wajen liƙi. Kowane mazubi ya ci ₦180, guda 20 sun ci ₦3,600. Idan ta samu masu saye a ₦3,000, ciniki ya kai ₦60,000, riba ₦14,400. Kuɗin mazubin kashi 6 ne cikin ɗari na farashin sayarwa. Idan sikeli da injin liƙi sun ci ₦30,000 gaba ɗaya, ƙarin ribar suya uku ya biya su.

Amma lissafin yana da wata fuskar. Idan masu sayenta ba su yarda su wuce ₦2,700 ba, ribar za ta tsaya a ₦8,400, wato ₦400 kacal a kan abin da farar leda da sikeli ke ba ta. Idan kuma ta zarce da ado, ta sayi roba mai tsada da zare mai ƙyalli da ɗan kwali har mazubin ya kai ₦600, ta sayar a ₦3,000, ribar za ta faɗo zuwa ₦6,000, ƙasa da ta ƙullin leda. A kayan ci na yau da kullum, da zarar mazubi ya fara haura kashi 10 cikin ɗari na farashi, ya kamata a tsaya a sake lissafi.

Wa zai biya ƙarin?

Yaron da aka aiko da canji daga maƙwabta ba zai biya kuɗin sitika ba, kuma babu dalilin tilasta masa. Masu biyan ƙarin su ne waɗanda ba su san mai kayan ba ko kuma ba su za su ci ba: matafiyi mai neman tsaraba, uwa mai haɗa wa ɗa kayan komawa makarantar kwana, ma'aikaciyar ofis da ke oda ta waya, mai biki da ke raba wa baƙi, da mai shagon da ke son abin da zai jera a kanta. Saboda haka dabarar da ta fi ita ce a riƙe layi biyu. Ƙaramin awo a leda mara tsada amma liƙaƙƙiya ya ci gaba da zuwa unguwa, leda mai tsayuwa kuma ta tafi inda ake neman ta. Kafin a buga sitika 500, a gwada 20 a ga wanda ya dawo.

Da yake yawancin irin wannan ciniki yanzu ta WhatsApp da Instagram ake fara shi, hoton shi ne kantar farko. Ba ya buƙatar kuɗi. A goge idon kyamarar waya, a ajiye ledar kusa da taga ko a inuwar tsakar gida da hantsi, a kan farin kwali ko sabon faifai, a zuba ɗan dambu a ƙaramin faranti a gefe domin a ga silinsa. A kashe fitilar kyamara, domin tana sa leda ƙyalli ta rufe rubutu. A kuma kauce wa gyara launi har ya saɓa da abin da mai saye zai karɓa.

Haka tsarin yake a sauran kayan gida, sai dai kowanne da abin da ya fi tsoro. Yaji da ƙuli-ƙuli suna tsoron danshi, soyayyiyar gyaɗa tana tsoron iska da haske. Zoɓo da kunun aya kuwa babbar matsalarsu tsofaffin gorunan ruwa ne da ake tsintowa. Sabuwar gora mai murfin da zobensa ke tsinkewa idan an buɗe tana sauya yadda ake kallon abin sha nan take, amma ba ta hana kunun aya yin tsami idan ya rasa sanyi.

Ga wadda jarinta bai isa ta sayi komai a lokaci ɗaya ba, jerin da lissafin nan ya nuna shi ne: sikeli da farko, sai injin liƙi da leda mai kauri, sai sitika mai ɗauke da suna da nauyi da rana da lambar waya. Zare mai ƙyalli da kwalin kyauta su jira sai mai biki ya yi oda ya biya kuɗinsu.